Gurguwar Hujja: Tambayoyi da Amsoshi kan Yadda Ake Gane Ta a Cikin Rubutu

Yawancin rubuce-rubucen ra'ayi da ke ɓatar da mai karatu ba ƙarya tsagwaronta ke cikinsu ba. Sau da yawa kowace jimla, in aka ɗauke ta ita kaɗai, tana da ƙamshin gaskiya. Ɓarnar tana wajen haɗin, wato yadda aka tashi daga dalili aka sauka a kan hukunci. Tambayoyin da ke ƙasa sun fi tsayawa a kan dabaru biyu da suka fi yawa a jaridu da kafofin sada zumunta, dukan mutum-mutumi da tilasta zaɓi biyu, sannan suka taɓa wasu kaɗan da ke yawan rakiyarsu.

Mece ce gurguwar hujja, kuma me ya raba ta da ƙarya?

Duk hujja tana da ɓangare biyu: abin da marubuci ke so ka yarda da shi, da dalilan da ya ba ka don ka yarda. Hujja takan zama gurguwa idan dalilan ba su isa su ɗauki hukuncin ba, amma aka shirya su ta yadda za ka ga kamar sun isa. Malaman manɗiƙi, wato ilimin auna ingancin hujja, suna kiranta mugalaɗa.

Ƙarya kuwa maganar da ta saɓa wa abin da ya faru ce. Wanda ya ce an yi ruwa jiya alhali ba a yi ba, ƙarya ya yi. Wanda ya ce "an yi ruwa jiya, don haka damina za ta yi kyau bana" yana iya zama ya faɗi gaskiya game da ruwan jiya, amma ruwan kwana ɗaya bai isa ya ɗauki hukunci a kan damina sukutum ba. Shi ya sa binciken gaskiyar labari kaɗai ba ya kama gurguwar hujja. Za ka iya tabbatar da kowace lamba da kowace rana da ke cikin rubutu, ka same su daidai, amma har yanzu an ja ka zuwa inda dalilan ba su kai ba.

Na ji ana raba su gida biyu. Mene ne bambancin?

Akwai wadda aibinta ke cikin ginin hujjar. Misali: "In an yi ruwa, tsakar gida za ta jiƙe. Tsakar gida ta jiƙe. Ashe an yi ruwa." Ko me ka sa a madadin ruwa da tsakar gida, wannan gini ba ya tsayuwa, domin mai wanki ma yana jiƙa tsakar gida. Irin wannan ana kama ta da duba tsari kawai.

Gida na biyu, wanda shi ne batunmu, ginin yakan zama lafiya lau. Duba wannan: "Ko Audu ne ya ɗauki kuɗin ko Tanko. Ba Audu ba ne. Don haka Tanko ne." Babu malamin manɗiƙin da zai ƙi wannan tsari. Amma in mutum biyar ne suka shiga ɗakin, jimlar farko ta riga ta zalunci Tanko. Don ka gane haka dole ka san wani abu game da ɗakin da mutanen da suka shige shi. Wannan shi ne wahalar gida na biyu: ba a kama shi da haddar ƙa'ida, sai da sanin batun da kuma tambayar abin da aka bari ba a faɗa ba.

Mene ne dukan mutum-mutumi?

Shi ne marubuci ya bar ainihin maganar abokin gardamarsa, ya ƙera wata mai kama da ita amma mai rauni, ya rataya masa, sannan ya rushe wadda ya ƙera ya yi shelar nasara. Kamar ɗan dambe ne da ya shiga gona ya kayar da mutum-mutumin da aka kafa don korar tsuntsaye, ya dawo gari yana kirari cewa ya kayar da abokin karawarsa.

Ga misalin da duk mai bin muhawarar almajirci a Arewa ya sha gani. Wani ya rubuta cewa bai kamata a tura yaro ɗan shekara shida wani gari ba tare da guzuri ba, yana kwana a soro yana bara, kuma ya kamata iyaye su ɗauki nauyin cinsa da suturarsa. Mai raddi ya zo ya ce: "Waɗannan mutane so suke a daina karatun Alƙur'ani a ƙasar nan." Sai ya cika shafi biyu da falalar karatun Alƙur'ani da tarihin tsangaya da sunayen alarammomin da ta yaye. Duk abin da ya faɗa game da falalar gaskiya ne, kuma na farkon ma bai musa ba. Maganar bara da guzuri da shekarun yaro, wadda ita ce aka kawo, ba a taɓa ta ba ko da kalma ɗaya.

Ɗaya ɓangaren ma yana yin irin wannan. Malami ya ce tsangaya tana da tsarin hadda da tarbiyya da bai kamata a rushe ba, a gyara ciyarwa da makwanci a bar tsarin. Sai a ba shi amsa da cewa: "Wato kai kana goyon bayan yara su yi ta yawo da ƙoƙo a tasha." Bai faɗi haka ba. Ya ma faɗi akasin haka.

Hanyoyin ƙera mutum-mutumin ba su da yawa. Ana cire ƙaidin da mai magana ya sa, "wasu" ta koma "duka", "a wannan hali" ta koma "kullum". Ana kumbura buƙata, "a rage" ta koma "a soke", "a bincika" ta koma "a hukunta". Ko kuma a musanya abin da mutum ya ce da abin da ake zargin yana nufi a zuci.

Yaya zan gane an yi haka, alhali ban karanta maganar ɗaya ɓangaren ba?

Tabbaci ba ya samuwa sai ka nemo asalin maganar. Amma rubutun kansa yakan bar sawu, kuma sawun ne zai gaya maka cewa neman ya zama dole.

Abu na farko, duba ko an kawo kalmomin mutumin ko kuwa fassara aka yi maka. Jimlolin da ke farawa da "wato dai abin da yake nufi", "a taƙaice so suke", "in ka lura da kyau manufarsu ita ce", duk suna sanar da kai cewa daga nan muryar marubuci za ka ji, ba ta wanda ake suka ba. Ba kowane taƙaitawa ne ha'inci ba, amma a nan ne ha'incin ke shiga in zai shiga.

Na biyu, ka tambayi kanka: akwai mai hankalin da zai tsaya a gaban jama'a ya faɗi wannan ra'ayi kamar yadda aka siffanta shi? In ra'ayin ya yi wauta har ka ji mamakin yadda wani zai riƙe shi, mafi yawan lokuta babu mai riƙe da shi a wannan siffa. Mutane suna yin kuskure, amma kuskurensu yakan zo da dalili. In an nuna maka abokin gardama marar dalili ko ɗaya, an ɓoye maka wani abu.

Na uku shi ne ma'aunin da ya fi kowane ƙarfi: da za a karanta wa mutumin wannan taƙaitawa, zai ce "e, haka na ce", ko zai ce "a ina na faɗi haka?" Marubuci mai adalci yakan faɗi ra'ayin abokin hamayyarsa ta yadda shi kansa zai sa hannu a kai, sannan ya fara suka. Malaman ladubban muhawara suna da ƙa'ida a kan wannan: in naƙali kake yi, wato kawo maganar wani, to ingancin naƙalin ake nema daga gare ka, in kuma da'awa kake yi, to dalili. Mai dukan mutum-mutumi a rabin farko yake faɗuwa.

To in marubuci ya kawo maganar mutum kalma da kalma, ai ya tsira ke nan?

A'a. Ana iya yanke magana a tsakiya. Likita ya ce: "Wannan magani yana da haɗari ga mai ciwon ƙoda, amma ga sauran mutane amfaninsa ya fi haɗarinsa nesa ba kusa ba." A ɗauki kalmomi biyar na farko a yi kanun labari da su. Kalmominsa ne, amma ba maganarsa ba ce. In ka ga zancen da aka ɗauko gajere ne ƙwarai, ko akwai ɗige-ɗige a tsakiyarsa, ko bidiyon daƙiƙa ashirin ne daga jawabin awa guda, nemi abin da ke gaba da abin da ke baya.

Akwai kuma wata hanya da ta fi wannan wuyar kamawa, wadda masana falsafa Robert Talisse da Scott Aikin suka yi rubutu a kanta a 2006. Marubuci ba ya murɗe maganar kowa. Yakan shiga cikin masu wani ra'ayi ya zaɓo wanda ya fi kowa raunin hujja, ya kawo maganarsa daidai, ya rushe ta, sannan ya nuna kamar ya gama da ra'ayin baki ɗaya. A zamanin Facebook da X wannan ya yi arha, domin babu ra'ayin da ba za ka samu wani ya kare shi da shirme ba. Tambayar da za ka yi ita ce: wannan da aka ɗauko, shi ne mafi ƙarfin masu wannan ra'ayi, ko shi ne mafi sauƙin kayarwa?

Daga nan sai wadda babu kowa a cikinta sam: "wasu na cewa", "akwai masu ganin". Su wa? A ina suka faɗa? In rubutu ya ƙare bai nuna mutum ɗaya ko takarda ɗaya ba, mai yiwuwa marubucin da kansa yake gardama.

Idan na nuna wa mutum inda ra'ayinsa zai kai shi, shi ma dukan mutum-mutumi ne?

Ba dole ba, kuma wannan bambanci yana da muhimmanci, domin nuna abin da magana ke lizimtawa halastacciyar hanya ce ta gardama. In wani ya ce duk wanda ya taɓa cin bashi ba a ba shi amana, kana da damar ce masa wannan ƙa'ida za ta fitar da kusan duk 'yan kasuwa, har da waɗanda shi kansa yake ba ajiya. Ba ka ce ya faɗi haka ba. Ka ce maganarsa tana jawo haka, kuma ka nuna ta yaya.

Ya zama mutum-mutumi ne idan aka tsallake nunin, aka ɗauki sakamakon aka sa a bakinsa kamar shi ya furta. Wajen karatu, nemi matakalar. In marubuci ya taka da kai mataki-mataki daga maganar mutum zuwa sakamakon, auna kowane mataki. In kuwa tsalle ɗaya ya yi, ka tsaya a inda ya tashi.

Mene ne tilasta zaɓi biyu?

Shi ne a ajiye maka hanya biyu a ce babu ta uku, alhali akwai. Galibi ɗaya daga cikin biyun an munana ta yadda ba wanda zai so ta, don ka ruga zuwa ɗayar da kanka kana ganin kai ka zaɓa.

Sanannen misali shi ne jawabin shugaban Amurka George W. Bush a gaban majalisar ƙasarsa ranar 20 ga Satumba, 2001, inda ya ce wa ƙasashen duniya ko dai suna tare da Amurka ko suna tare da 'yan ta'adda. Ƙasa tana iya la'antar harin 11 ga Satumba, ta taimaka wajen kama masu hannu a ciki, kuma ta ƙi amincewa da wani yaƙi ko wata hanya ta yinsa. Jimlar ba ta bar wa irin wannan ƙasa wurin tsayawa ba, kuma aikinta ke nan.

Ba kullum take zuwa da "ko dai" a fili ba. Takan ɓuya a cikin tambaya: "Tsaro kuke so ko 'yanci?" Takan ɓuya a cikin "in ba haka ba": "Dole a rushe kasuwar nan, in ba haka ba gari ya zama juji." Takan zo da "hanya ɗaya tilo", ko "duk wanda bai goyi bayan wannan ba, to". Da ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ɗauki biro ka rubuta zaɓi biyun a gefe, sannan ka yi tambaya uku. Ana iya haɗa su biyun? Ana iya barin su duka a yi wani abu dabam? Akwai matsakaici, wato a yi rabi, ko a yi a hankali, ko a yi a wani wuri a bar wani? In ɗaya daga cikin ukun ta samu amsar "e" mai ma'ana, marubuci yana da bashin bayanin dalilin da ya sa ya jefar da ita.

Amma ai wani lokaci zaɓin biyu ne da gaske.

Haka ne, kuma wanda ke ihun "akwai hanya ta uku" a kowane wuri shi ma bai iya karatu ba. Ɗaliban manɗiƙi sun san kishiyoyi iri biyu ne. Akwai waɗanda ba sa haɗuwa kuma ba sa gushewa tare: lamba ko ta rabu biyu daidai ko ba ta rabu ba, mutum ko ya sa hannu a takarda ko bai sa ba. Akwai kuma waɗanda ba sa haɗuwa amma suna iya gushewa tare: riga ba ta zama fara fat kuma baƙa ƙirin a lokaci guda, amma tana iya zama shuɗiya. Tilasta zaɓi biyu shi ne a ɗauko iri na biyu a sayar maka da shi a matsayin iri na farko. "Ya goyi baya ko bai goyi baya ba" rabo ne na gaskiya. "Masoyi ne ko maƙiyi" ba haka ba ne, domin akwai wanda bai yanke shawara ba, da wanda ya yarda da manufa ya ƙi hanya, da wanda abin bai dame shi ba.

Sannan yanayi yana iya rufe ƙofofi da gaske. A zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasar Nijar a Fabrairun 2021, sunaye biyu ne a takardar ƙuri'a, Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane. Wanda ya ce mai nasara ɗayansu ne bai yi mugalaɗa ba. Abin dubawa shi ne ko marubuci ya nuna yadda sauran ƙofofin suka rufu, ko kuwa ya yi shiru ne a kansu.

A nuna mana yadda ake warware sakin layi guda daga farko zuwa ƙarshe.

Ga sakin layi da aka tsara don wannan darasi. Ba maganar wani takamaiman mutum ba ce, amma duk wanda ya karanta muhawarar tallafin man fetur a Najeriya bayan 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya tafi, zai gane irinta:

"Masu sukar cire tallafi so suke gwamnati ta ci gaba da zuba tiriliyoyi a aljihun 'yan fasa-ƙwauri har abada. A 2022 kaɗai tallafi ya ci sama da naira tiriliyan 4. Zaɓi biyu ne gare mu: mu cire shi gaba ɗaya yanzu, ko ƙasa ta durƙushe. Kuma mu tuna, yawancin masu hayaniyar nan motoci uku-uku gare su."

Fara da ware hukuncin. Abin da ake so ka yarda da shi shi ne cewa cire tallafi gaba ɗaya, a lokaci guda, shi ne daidai. Lura da kalmomin "gaba ɗaya" da "yanzu", domin a kansu gardamar take.

Jimla ta biyu gaskiya ce, alƙaluman kamfanin mai na ƙasa sun nuna haka. Ita ce ke ba sakin layin nauyi, kuma mai karatu da ya tabbatar da ita yakan saki jiki da sauran. Amma me ta tabbatar? Cewa tallafin yana da tsada ƙwarai. Ba ta ce komai ba game da yadda za a cire shi ko yaushe.

Jimla ta farko mutum-mutumi ce. Gwada ta da ma'aunin nan: akwai mai sukar da zai ce "e, ina so a ba 'yan fasa-ƙwauri kuɗi har abada"? Abin da masu suka da dama suka riƙa faɗa shi ne a gyara matatun mai tukuna, a tanadi sufuri da ƙarin albashi kafin a cire, a kuma hukunta masu satar tallafin. Ana iya ganin waɗannan dalilai ba su gamsar ba, amma sakin layin bai gwada amsa ko ɗaya ba.

Jimla ta uku ita ce tilasta zaɓi biyu, kuma tarihin ƙasar kansa ya nuna akwai na uku. Ranar 1 ga Janairu, 2012, gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen naira 141. Bayan yajin aiki da zanga-zanga, ranar 16 ga watan aka tsayar da ita a naira 97. Wato an rage tallafin ba a cire shi duka ba. A wasu ƙasashe an bi wata hanyar: Indonesiya a 2005 ta ƙara farashin mai sau biyu a shekara guda, ta kuma raba wa gidajen talakawa kuɗi a hannu, Iran kuma a ƙarshen 2010 ta zuba wa jama'a kuɗi a asusun banki kafin sabon farashi ya fara aiki. Wannan bai nuna waɗancan hanyoyi sun fi ba. Mai goyon bayan cirewa lokaci guda yana iya cewa matakin 2012 jinkirta matsalar kawai ya yi, kuɗin tallafi ya sake kumbura daga baya, kuma wannan hujja ce ta gaske da ta cancanci a auna. Amma sai ya ambaci hanyar kafin ya iya rushe ta. Sakin layin ya yi kamar babu ita.

Jimla ta huɗu ta bar magana ta koma kan masu magana. Ko da gaskiya ne wasu masu suka suna da motoci uku, wannan bai taɓa tambayar ko mai keke-napep da mai sayen garin masara za su iya ɗaukar sabon farashi ba.

Me ya rage bayan an tace? Jimla ɗaya mai inganci, wadda ke goyon bayan hukunci mafi ƙanƙanta: tallafin yana cin kuɗi mai yawa kuma yana buƙatar a yi wani abu a kansa.

Yanzu juya sakin layin: "Masu goyon bayan cire tallafi so suke talaka ya mutu. Ko a dawo da tallafi yadda yake, ko a ci gaba da yunwa." Dabarun nan biyu ne dai, an sauya musu riga kawai. In ka kama na farkon nan take amma wannan ya wuce ka, ko ka kama wannan na farkon ya wuce ka, to ka gano ɓangaren da ya kamata ka riƙa karantawa da ƙarin lura, wato naka.

Sukar mai magana kullum gurguwar hujja ce?

A'a. Ya danganta da abin da aka ɗora maka. In hujja aka kawo, dalilai a fili waɗanda kowa zai iya aunawa, halin mai kawo ta bai ƙara mata komai ba bai rage ba. Mashayin taba da ya ce taba tana jawo ciwon huhu ya faɗi gaskiya, kuma "kai ma ai kana sha" ba amsa ba ce.

In kuwa shaida aka kawo, wato an ce ka yarda don wane ya gani ko wane ya sani, to tambayar ko wanen mai gaskiya ne, ko yana da wata riba a ciki, tana kan hanya. Alƙali yana bincikar adalcin mai shaida, malaman hadisi sun gina fanni guda a kan tantance masu ruwaya. Don haka in marubuci ya ce rahoton da ke yabon wani magani kamfanin da ke sayar da maganin ne ya biya kuɗinsa, ya ba ka dalilin ƙara bincike. In ya ce saboda haka rahoton ƙarya ne, ya wuce inda dalilinsa ya tsaya.

Waɗanne ne kuma suka fi yawan fitowa?

Biyu sun cancanci ambato. Ɗaya ita ce kuɗin goro: a ɗauki mutum biyu ko uku a yanke wa ƙabila ko sana'a ko jinsi hukunci. Alamarta labari mai taɓa zuciya guda ɗaya, sai "haka suke" ta biyo baya. Tambayi mutum nawa aka gani daga cikin nawa, kuma wa ya zaɓo su.

Ɗayar ita ce mayar da "bayan" ta zama "saboda". Yaro ya sha jiƙo ranar Talata, zazzaɓi ya sauka ranar Alhamis, sai a ce jiƙon ne. Wataƙila shi ne. Amma zazzaɓi da yawa suna sauka da kansu cikin 'yan kwanaki, kuma ba a gaya maka labarin yaran da suka sha bai sauka ba, ko waɗanda ba su sha ba ya sauka. Haka ake yi da gwamnatoci: duk abin da ya faru a zamanin shugaba, alheri ko sharri, a ɗora masa, ba a tambayi farashin ɗanyen mai a kasuwar duniya ko yadda damina ta kasance ba.

In na kama gurguwar hujja a rubutu, ra'ayin marubucin ya rushe ke nan?

Bai rushe ba. Abin da ya rushe shi ne wannan hanya ta kaiwa gare shi. Mutum yana iya kare gaskiya da hujja marar kyau. Tanko na misalin can yana iya zama shi ya ɗauki kuɗin, abin da muka ce kawai shi ne ba a tabbatar ba. Wanda ya ce "ka yi mugalaɗa, don haka akasin maganarka ne gaskiya" ya faɗa cikin wata mugalaɗar.

Saboda haka jefa wa mutum sunan dabara ba ya wadatarwa. In za ka ce an doki mutum-mutumi, kawo asalin maganar ka ajiye ta kusa da wadda aka ƙera, kowa ya ga tazarar. In za ka ce an tilasta zaɓi biyu, faɗi na ukun da sunansa, ka nuna mai yiwuwa ne. In ka kasa yin haka, mai yiwuwa marubucin yana da gaskiya kuma rashin jin daɗin hukuncin ne ke damunka.

Wannan ba ilimin Turawa ba ne da ake son cusa mana?

Wanda ya fara jera waɗannan kurakurai a rubuce shi ne Aristotle na Girka, a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, inda ya lissafa guda 13, shida masu tasowa daga lafazi, bakwai daga wajen lafazi. Malaman Musulunci irin su Alfarabi da Ibn Sina da Ibn Rushd sun yi sharhi sun faɗaɗa, Imam Gazali kuma ya shigar da manɗiƙi cikin gabatarwar usulul fiƙhi. Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a fannin, har ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi yana kare halascin karanta shi. Littafin manɗiƙi mai suna Sullam na Abdurrahman Al'akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, har yau ana karanta shi a zaurukan ilimi na ƙasar Hausa, kuma a cikinsa akwai fasali a kan kuskuren da ke shiga hujja, ta wajen abin da aka gina ta da shi ko ta wajen siffarta. Malaman fiƙihu kuma kafin su shiga saɓani sukan fara da tantance mahallin jayayya, su ware abin da aka yi ittifaƙi a kai su tsayar da ainihin inda aka rabu. Wanda ya yi wannan da gaskiya a muhawarar almajirci zai fara da rubuta cewa ɓangarorin biyu sun yarda da karatun Alƙur'ani, saɓanin yana kan shekarun tura yaro, da wanda zai ciyar da shi, da inda zai kwana.